Yadda Ake Tura Manhajojin Aiki Kaɗai ta VPN, Sauran Su Fita Kai-tsaye

Matasa da yawa a ƙasar nan sun fara sanin VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter. Daga ranar 5 ga Yuni har zuwa 13 ga Janairun 2022 da aka ɗage takunkumin, duk mai son shiga sai ya kunna VPN tukuna. A waɗannan watanni ne kuma aka koyi wani abu da ba a shirya masa ba: idan aka manta VPN a kunne, sai manhajar banki ta fara gardama, bidiyo ya riƙa tsayawa, data ta riƙa tafiya kamar ana kwasa. Maganin da mafi yawan mutane suka sani shi ne a kunna, a kashe, a sake kunnawa.

Yanzu akwai waɗanda VPN ya zame musu dole saboda aiki. Mai tattara bayanan manoma, ma'aikaciyar asibiti da ke tura rahoton wata, mai yi wa kamfani aiki daga gida, duk ana iya ba su fayil ɗin VPN a ce sai da shi za su shiga sabar ofis. Kuma wayar da ake aikin da ita, ita ce dai ta hira da kallo da tura kuɗi. Ga irin waɗannan, wasan kunnawa da kashewa yana da hatsari, domin ranar da aka manta ba za a sani ba. Akwai tsarin da aka yi musamman don wannan matsala, wanda a cikin manhajojin VPN ake ganin sunansa `Split tunneling`. Ma'anarsa raba hanya: wasu manhajoji su bi ta VPN, sauran su fita intanet kai-tsaye kamar babu VPN a wayar.

Abin da ke faruwa idan komai ya bi ta VPN

A ɗauka akwai wani matashi a Ƙofa da ke yi wa wata ƙungiya rajistar manoma. Yau yana ƙauyukan gefen Tiga, gobe Ƙiru, jibi ya bi ta Kwanar Ɗangora ya nufi Tudun Wada da Doguwa. Yana cike fom a manhajar ODK Collect: sunan manomi, lambar waya, lambar NIN, hoton gona. Sabar da fom ɗin ke zuwa tana ofishin ƙungiyar a Kano, kuma ba a iya kai mata sai ta VPN. Mai kula da kwamfutocin ofis ya sa masa manhajar WireGuard, ya ba shi fayil ɗin saiti, ya ce ya bar shi a kunne.

Da zarar ya kunna, Android na karkatar da duk abin da kowace manhaja za ta aika zuwa WireGuard. Ita kuma ta kulle shi, ta naɗe shi cikin wani sabon ƙunshi, ta rubuta adireshin ofis a kai. Kamfanin layi, MTN ne ko Airtel ko Glo, ba ya ganin komai sai ƙunshi a rufe da ke tafiya wuri ɗaya. A ofis ne ake buɗewa, a duba inda ya nufa, a tura shi. Amsa ma haka take dawowa. Ga fom ɗin manoma wannan shi ake so. Amma bidiyon TikTok da ya buɗe da daddare shi ma sai ya je ofishin Kano ya dawo, kamar wanda zai je Zariya daga Ƙofa aka ce sai ya fara shiga birni an buga masa hatimi.

Asarar farko a aljihu take. Kamfanonin layi suna sayar da data mai rahusa ta musamman don WhatsApp, Facebook, TikTok ko YouTube. Kamfani na gane cewa mutum WhatsApp yake yi ne ta hanyar duba inda bayanansa suka nufa. Idan komai na cikin ƙunshin VPN, ba zai gane ba, sai ya cira daga babbar data. Shi ya sa mutum zai danna `*323#` ya tarar datarsa ta WhatsApp tana nan ko ɗigo ba a taɓa ba, babbar kuwa ta ƙare. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin albashi.

Sannan naɗin kansa yana da nauyi. WireGuard na ƙara bait 60 a kan kowane ƙunshi, kuma a Android ƙunshin ba ya wuce bait 1280 idan ba a canza saiti ba. Wato ƙarin ya kusa kashi 5 cikin ɗari. A ce matashin nan yana cin 8GB a wata wajen kallo da hira, aikin ofis kuwa 400MB ne kacal. Kuɗin naɗin waccan 8GB ya kusa 400MB, kusan daidai da duk datar aikinsa na wata. Da aikin kaɗai ke bi ta VPN, ƙarin wajen 20MB ne.

Akwai kuma batun sauri. Intanet ɗin ofis ɗaya ne, kuma idan ma'aikata talatin duk suna kallon bidiyo ta cikinsa, fom ɗin wanda ke Doguwa da sandar sabis ɗaya zai bi layi a bayan bidiyon wani. Idan sabar VPN ɗin a Turai take, abin ya fi haka muni: bayanan sai sun sauka Legas, sun bi wayar ƙarƙashin teku, sun dawo, alhali manyan kamfanoni kamar Google da Meta suna da sabobi a cikin Najeriya da za su ba da bidiyon daga kusa. Banki kuma yana ganin mai asusun da jiya yake Kano yau ya ɓullo daga wata ƙasa, sai ya yi abin da ya kamata banki ya yi, ya yi zargi.

Abu na ƙarshe ba kowa ke tuna shi ba. Duk shafin da aka ziyarta ta cikin VPN na ofis, mai kula da sabar zai iya ganin sunansa, ko da bai ga abin da aka karanta ko aka rubuta a ciki ba. Ba lallai yana dubawa ba. Amma babu dalilin da zai sa abin da mutum ya buɗe ƙarfe ɗaya na dare ya bi ta gaban teburin maigidansa.

Jeri biyu, kuma ba a haɗa su

Tun Android 5.0 da ya fito a 2014, tsarin ya bai wa manhajojin VPN damar miƙa masa jerin sunayen manhajoji. Jerin iri biyu ne. Na farko yana cewa kowa ya bi ta VPN ban da waɗannan. Na biyu yana cewa waɗannan kaɗai za su bi ta VPN, kowa ya fita kai-tsaye. Android ba ya karɓar biyun a lokaci ɗaya, dole a zaɓi guda.

A ranar da aka saita, za a iya sa biyun su ba da sakamako iri ɗaya. Bambancin yana fitowa ne daga baya, ranar da aka sauke sabuwar manhaja. A jeri na farko, sabuwar za ta faɗa cikin VPN da kanta. A na biyu, za ta fita waje da kanta. Wanda ya mallaki wayarsa, manhajojin aikinsa biyu ne ko uku, sauran sittin na harkarsa ne, jeri na biyu ya fi dacewa da shi. Sai dai ya ɗauki nauyi: duk ranar da ofis ya kawo sabuwar manhaja, sai ya koma ya sa ta a jeri da hannunsa, domin babu saƙon da zai tuna masa.

A WireGuard na Android ga yadda ake yi. A buɗe manhajar, a taɓa sunan saitin da ofis ya bayar, a danna alamar fensir. A ƙasan ɓangaren `Interface` akwai wurin da aka rubuta `All Applications`. Idan aka taɓa shi, jerin manhajojin wayar zai fito da shafi biyu a sama, `Exclude` da `Include only`. A koma `Include only`, a sa alama a kan manhajojin aiki, a tabbatar, sannan a danna alamar adanawa. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe: su zaɓi manhajojin, su fita ba su adana ba, su ɗauka an gama.

Idan aka fitar da fayil ɗin aka duba, abin da aka yi layi ɗaya ne kawai ya ƙaru:

```
[Interface]
Address = 10.20.0.14/32
DNS = 10.20.0.1
IncludedApplications = org.odk.collect.android, org.mozilla.firefox

[Peer]
Endpoint = vpn.example.com:51820
AllowedIPs = 0.0.0.0/0, ::/0
```

An cire layukan makullai daga misalin nan, kuma adiresoshin na misali ne. Layin `PrivateKey` da ke cikin fayil na gaske shi ne mabuɗin shiga ofis da sunan mai wayar, don haka ba a ɗaukar hotonsa a tura wa aboki a ce ya duba inda aka yi kuskure.

Layin `AllowedIPs` wata ƙofa ce ta biyu, kuma yana da kyau a san ta ko da ba za a taɓa ta ba. `IncludedApplications` na duba wace manhaja ce ke magana, shi kuwa `AllowedIPs` yana duba ina maganar ta nufa. Yadda yake a misalin, yana nufin ko'ina. Da an rubuta `10.20.0.0/16` a wurin, to abin da ya nufi kwamfutocin cikin ofis kaɗai zai shiga VPN, sauran ya fita kai-tsaye ko da daga manhajar da ke cikin jeri ya fito. Sai abu ya wuce ƙofofin biyu kafin ya shiga. Wannan layin na mai kula da saba ne, shi ya san inda sabobinsa suke.

Sauran manhajoji suna da irin wannan wuri da sunaye daban. A OpenVPN for Android shafin `Allowed Apps` ne a cikin saitin. A manhajojin kasuwa irin su Proton VPN ana samunsa da sunan `Split tunneling`. Mai iPhone kuwa sai haƙuri. Apple ya kawo raba VPN bisa manhaja tun iOS 7 a 2013, amma ya ajiye shi ga wayoyin da kamfani ke sarrafawa ta tsarin MDM. Mai wayar ba shi da jerin da zai sa wa alama da kansa. Abin da ya rage masa shi ne ƙofa ta biyu, ya roƙi ofis su taƙaita `AllowedIPs` zuwa adiresoshinsu kaɗai.

Android manhaja ya sani, bai san aiki ba

A nan ne mafi yawan matsalolin suke ɓuya. Android na bai wa kowace manhaja lambar shaida, kuma da wannan lamba yake yanke hukuncin wa zai shiga VPN. Bai san cewa abin da ake yi aikin ofis ne ba. Idan manhajar aiki ta miƙa wani ɓangare na aikinta ga wata manhaja, hukuncin na waccan ne zai hau kansa.

Misali mafi yawan faruwa shi ne burauza. Shugaban aiki ya turo adireshin shafin rahoto na ofis a zauren WhatsApp. Matashin ya taɓa shi, wayar ta buɗe shi da Chrome. Chrome ba ya cikin jeri, don haka ya fita ta layin MTN yana neman shafin da babu shi sai a cikin ofis, ya dawo da `This site can't be reached`. Alamar mabuɗi tana nan a saman allo, VPN na aiki lafiya ƙalau, amma shafi ya ƙi buɗewa. Akwai ma nau'in da ya fi wannan ruɗarwa. Wasu manhajojin idan za a shigar da sunan mai amfani da kalmar sirri, suna buɗe shafin ne a wata taga da ta yi kama da cikin manhajar, alhali Chrome ne ya ari rigarta. Mai wayar na ganin bai fita daga manhajar aiki ba, Android kuwa yana ganin Chrome.

Abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya sa Chrome a jeri. Zai yi aiki, amma an koma gidan jiya, domin duk binciken da yake yi na kansa ya koma bi ta ofis. Abin da ya fi shi ne a ware burauza biyu. Shi ya sa `org.mozilla.firefox` ya bayyana a misalin sama: Firefox na aiki ne kaɗai, Chrome na harkar kai. Adireshin da aka turo a WhatsApp sai a danne shi, a kwafa, a liƙa a Firefox. Idan kuma manhajar aiki ta dage sai ta buɗe shafin shiga da babbar burauzar wayar, a mayar da Firefox ta zama babbar burauza na ɗan lokaci a `Default apps`, a shiga, sannan a mayar da Chrome.

Haka abin yake ga ofisoshin da ke amfani da asusun Microsoft, inda Outlook kan miƙa tantancewa ga Microsoft Authenticator. Idan ofis ya sharɗanta cewa sai daga adireshinsa za a shiga, kuma Outlook na cikin jeri amma Authenticator na waje, shiga za ta riƙa faɗuwa ba tare da bayani mai ma'ana ba. Sanarwar saƙo kuwa, wadda ke faɗowa daga saman allo, yawanci ta Google Play services take zuwa, ba ta manhajar kanta ba. Don haka ganin sanarwa ta shigo ba hujja ba ce cewa VPN na aiki.

Ba kowace manhajar aiki ce ma ta cancanci shiga jeri ba. Kiran bidiyo na Teams ko Zoom zuwa sabobin waɗannan kamfanoni yake yi, kuma a kulle yake tun asali. Sa shi ya zagaya ta ofis ba ya ƙara masa komai sai jinkiri da yankewar murya. A 2020, lokacin kullen korona, Microsoft da kansa ya shawarci kamfanoni su fitar da kiran Teams daga VPN. Ga wanda ke tsaye a bakin hanyar Falgore yana neman inda sabis zai kama, wannan shawara ta fi ƙarfi. Ma'aunin shi ne: shin manhajar na buƙatar wani abu da ke cikin ofis, ko ofis ya sharɗanta sai ta adireshinsa? Idan amsar a'a ce, a bar ta waje.

Gwaji kafin a yarda

Alamar mabuɗi a saman allo tana nuna cewa an kunna VPN ne kawai. Ba ta faɗin wa ke ciki, wa ke waje. Gwajin minti uku ya isa. A buɗe `ifconfig.me` a Firefox, a rubuta lambar da ta fito. A buɗe shi a Chrome. Idan lambobin sun bambanta, hanya ta rabu. Idan ɗaya ne, ko dai ba a adana saitin ba, ko VPN ɗin bai haɗu ba. Kada a damu idan shafin duba adireshi ya nuna Legas ko Abuja a Chrome maimakon Ƙofa ko Kano. Kamfanonin layi na fitar da dubban mutane ta adireshi ɗaya daga manyan cibiyoyinsu, don haka sunan gari ba abin dogaro ba ne. Bambancin lambobin da sunan kamfanin da ya mallake su ake dubawa.

Wannan gwajin yana aiki ne idan `AllowedIPs` na nufin ko'ina. Idan ofis ya taƙaita shi, burauzojin biyu za su nuna lamba ɗaya, kuma daidai ne. A irin wannan hali sai a gwada da shafin cikin ofis: ya buɗe a Firefox, ya ƙi a Chrome.

Gwaji na biyu a cikin WireGuard yake. A taɓa sunan saitin, a duba `Transfer`, inda ake ganin `rx` da `tx`, wato abin da ya shigo da abin da ya fita. A je a kalli bidiyon minti biyu a YouTube, a dawo. Lambobin su kasance kusan inda aka bar su. Sannan a tura fom ɗaya mai hoto daga ODK Collect, a ga `tx` ya motsa. Idan `tx` na hawa amma `rx` na tsaye a sifili, wayar na ƙwanƙwasa ƙofa ne babu mai amsawa, ko dai sabis ne ya yi rauni ko sabar ofis ta mutu, ƙila an ɗauke wuta.

Wani abu da kan hana shafukan ofis buɗewa ko da komai ya yi daidai shi ne `Private DNS` a saitin waya. Wasu na rubuta adireshi a wurin don toshe tallace-tallace. Idan an yi haka, wayar kan tambayi waccan sabar ta waje sunan shafin ofis, ita kuwa ba ta san shi ba. A mayar da shi `Automatic` a sake gwadawa.

Ranar da VPN ya faɗi shiru

Babban raunin jeri na biyu shi ne abin da ke faruwa idan manhajar VPN ta mutu. A nan akwai abu biyu da ake rikita su. Idan sabis ne ya ɗauke a hanya, WireGuard na nan a raye, manhajojin aiki kawai za su tsaya su jira, kuma idan sabis ya dawo su ci gaba. Wannan ba matsala. Amma idan wayar ce ta kashe manhajar, to shingen ya tafi gaba ɗaya, manhajojin aiki su fita ta layi kai-tsaye kamar kowa, ba tare da gargaɗi ba. Wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun mafi yawan matasa, sun yi suna wajen kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, haka ma manhajojin share waya. Kunna wani VPN daban ma yana kashe na farko nan take, domin Android ɗaya kawai yake yarda da shi a lokaci guda. Masu kunna VPN na neman data kyauta su lura da wannan.

Ga matashin Ƙofa, ODK Collect zai tona asirin abin da kansa, domin sabar tana cikin ofis, fom zai ƙi tafiya ya zauna a wayar har a gyara. Firefox ne ba zai ce komai ba, zai ci gaba da buɗe duk shafin da ake iya kaiwa daga waje.

Android na da maganin wannan a saitin VPN: `Always-on VPN`, da kuma `Block connections without VPN`. Na farkon yana da amfani, yana sa tsarin ya tayar da VPN da kansa, har bayan an kashe waya an kunna. A kunna shi, a kuma cire WireGuard daga jerin manhajojin da ake taƙaita wa batir. Na biyun kuwa tarko ne ga mai raba hanya. Yana toshe duk manhajar da ba ta bi ta VPN ba, wato duk waɗanda aka bari a waje da gangan. WhatsApp, OPay, YouTube, duk su tsaya cak, data na nan, sabis cike. Ana iya kai irin wannan waya wurin mai gyara a kasuwar Farm Centre a ce ta lalace, alhali maɓalli ɗaya ne. Kira da saƙon tes da lambobin banki na USSD za su ci gaba da aiki, tunda ba ta intanet suke bi ba, kuma wannan ce alamar da za a gane inda matsalar take.

Hanyar da ke haɗa biyun, wato toshewa mai tsauri ga aiki da sakin sauran, ita ce `Work profile`. Android na raba wayar gida biyu, manhajojin aiki su zauna a ɗakinsu da alamar jaka a jikinsu, har da nasu Chrome daban. VPN ɗin da aka sa a wannan ɗaki a nan kaɗai yake aiki, kuma toshewar da aka kunna masa ba ta taɓa ɗayan ɗakin. Matsalar burauza biyu ma ta warware da kanta. Yawanci ofis ne ke kafa shi, kuma ƙungiyar da ke tura ma'aikata su ɗauko lambobin NIN na mutane a wayoyinsu na kansu ya kamata ta yi tunaninsa. Ƙananan wayoyi masu Android Go kan zo ba tare da shi ba.

Mai haɗa kwamfutarsa da `Hotspot` na waya ya sani cewa VPN na wayar ba ya rufe kwamfutar. Abin da kwamfutar ta aika kai-tsaye yake fita, sai an sa mata nata.

Kafin a taɓa saitin ofis

Akwai wuraren aiki da suka hana raba hanya, kuma suna da hujja. Waya ɗaya ce ke da ƙafa a cikin ofis da ƙafa a waje, kuma abin da ke faruwa a waje ofis ba ya gani. A Amurka, ƙa'idar NIST SP 800-171 da ake ɗora wa masu kwangila da gwamnati ta ambaci hana shi ƙarara. A nan gida, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk ƙungiyar da ke tattara bayanan mutane alhakin kare su, don haka mai kula da saba yana da haƙƙin sanin yadda wayoyin ma'aikata ke haɗuwa da sabarsa.

Rabawa bisa manhaja ta fi sauƙin karewa a gaban irin wannan mutum. Idan VPN ya rufe wayar duka, kowace manhaja da ke ciki, har da wasan da aka karɓa ta Xender ba a san asalinsa ba, tana iya kaiwa ga kwamfutocin ofis. Idan biyu kaɗai ke cikin jeri, biyun nan ne kawai ke da hanya. Tambayoyin da za a kai masa uku ne: ko an yarda a raba, waɗanne manhajoji ne dole su kasance a ciki, da kuma ko akwai wadda ke jingina da wata wajen shiga. Idan ya ce a'a, ko aka tarar an kulle saitin daga ofis, abin da ya rage shi ne a kunna VPN lokacin tura fom a kashe bayan an gama, ko a nemi ofis ya ba da wayar aiki daban.